Dariyar Kawu: yadda na yi fama da haƙora a aikin sauya fuska

Saura fitowa ɗaya mu gama ɗaukar wasan barkwancin da muke son saki kafin Babbar Sallah, sai Kawu ya faɗi a kan babur wajen Gawon Nama a Sakkwato ya karye a ƙafa. Shi ne ke fitowa a matsayin mai unguwa, dattijo mai ɗaure fuska wanda tun farkon wasan ba a taɓa ganin dariyarsa ba. Fitowar da ta rage kuwa ita ce wadda duk wasan ya dogara a kanta: zai fito daga zaure yana jan rago, ya hango abin da yaran unguwa suka yi, ya ƙyalƙyale da dariya. Mutumin da ke kwance da ɗauri a ƙafa ba zai ja rago ba.

Shi da kansa ya ce a nemi wani ya sa rigarsa da hularsa, ni kuma in ɗora fuskarsa kamar yadda ya ga ina gwadawa da tawa a shago. Muka sami wani yaro a cikinmu mai tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, shi ma ya yarda. Aka ɗauki fitowar, daƙiƙa 14, firem 25 a kowace daƙiƙa, wato firem 350. Don sauƙin magana zan riƙa kiran Kawu mai fuska, yaron kuma mai jiki. A DeepFaceLab, manhajar da na yi aikin da ita, hotunan mai fuska suna zama a data_src, na mai jiki a data_dst.

Hotunan Kawu ba su yi mini wuyar samu ba. Na tsamo fuskarsa daga duk fitowar da muka riga muka ɗauka, na zubar da masu dishi-dishi da masu maimaita juna, aka bar ni da wajen 4,200. Na kunna horon SAEHD, wato modal ɗin da ke koyon zana fuskar, a kan katin hoto RTX 3060, girman hoto fiksel 224, nau'in fuska wf, wato dukan fuska daga goshi har haɓa. Bayan kwana huɗu, tsakanin ɗauke wuta da zafin da ke sa in buɗe murfin kwamfutar in kafa mata fanka, fuska ta fito. Idanu nasa ne, hanci nasa ne, har ƙurar goshin nan da yake yi. Muddin mai jiki ya rufe baki, babu wanda zai ce ba Kawu ba ne. Da ya fara murmushi sai wani farin abu ya bayyana tsakanin leɓɓa, shafaffe, babu tsaga ko ɗaya. Wani abokin aikina ya leƙo ya ce, "Mi kas sa mai cikin baki? Alli?" Da dariyar ta yi ƙarfi kuma, wurin da ya kamata a ga harshe da duhun maƙogwaro sai ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa kamar an kwaɓa laka.

Na yi abin da kusan kowa yake yi: na ce horo ne bai isa ba. Na bar shi ya ƙara kwana uku, na kunna Eyes and mouth priority, wanda ke sa a ƙara wa kuskuren da ke wajen ido da baki nauyi. Gefen farin abin ya ƙara fitowa tsaf, amma allin dai yana nan. Sai na kunna GAN, saitin da ke ƙara wa hoto kaifi, a nan ne abin ya ba ni tsoro. Haƙora suka fito, amma ba na kowa ba ne. A wannan firem guda shida, a na gaba bakwai, tsagar tsakiya tana yawo hagu da dama kamar haƙoran suna rawa a cikin dasashi. Allah Ya sa na ajiye kwafin modal ɗin kafin in kunna, na dawo da shi.

Daren nan na zauna na buɗe data_src\aligned na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A cikin 4,200 ɗin, waɗanda ake ganin haƙori ba su kai 60 ba, su ma bakin haƙoran sama ne kawai ke leƙowa lokacin da yake faɗa. Babu ko ɗaya mai dasashi ko harshe. Ai ni na jawo: mutumin da aka ce ya ɗaure fuska tsawon wasa, a ina zan ga cikin bakinsa?

Yadda abin yake aiki shi ne, ɓangare ɗaya na modal ɗin yana karanta yanayin fuska, ko ta wa ce: ina take kallo, baki a buɗe yake ko a rufe, daga ina haske ya zo. Wani ɓangaren kuma yana zana fuskar Kawu bisa wannan bayani, kuma daga hotunan Kawu ya san kamanninsa. To an ce masa baki a buɗe yake, kumatu sun ɗaga, shi kuwa bai taɓa ganin abin da ke bayan leɓen Kawu ba. Sai ya zuba matsakaicin launin da ya fi rage masa kuskure, fari a sama, duhu-duhu a ƙasa. Ko shekara za a yi ana horo, wannan matsakaicin zai yi ta gogewa. GAN kuwa aikinsa ya tilasta wa hoto ya yi kaifi, idan babu gaskiyar da za a kaifafa sai a ƙirƙiro.

Da na san inda zan duba da ban ɓata kwana ukun nan ba. Allon da ke nuna yadda horo ke tafiya yana da jeri biyar: hoton mai fuska, yadda modal ya sake zana shi, hoton mai jiki, yadda ya sake zana shi, sai na biyar wanda aka sauya. A nawa, jeri na huɗu yana da haƙoran yaron reras, ɗaya-ɗaya. Wannan ya nuna girman hoto da tsawon horo sun isa a zana haƙori. Na biyar ne kaɗai ke da alli. Duk wanda ya ga haka, matsalarsa tana cikin hotunan mai fuska. In kuwa na huɗun ma a shafe yake, to nan ne ƙarin horo ko ƙarin girman hoto zai yi amfani.

Wani ya ba da shawarar a sake ɗauka da rawani, a ja amawali a rufe bakin, a huta. A garin nan ba wanda zai ga baƙon abu a dattijo da amawali. Sai dai dariyar ce fitowar.

Hanya mafi sauri ita ce aro. A huda rami a fuskar da aka ɗora, daidai cikin baki, haƙoran mai jiki na gaskiya su leƙo daga ƙasa. Na fara da XSeg, wato abin da ake koya wa shacin inda fuska ta tsaya. Na zaɓi firem 45 daga na yaron, daga rufaffen baki zuwa cikakkiyar dariya, na zagaye fuska, sannan na zagaye cikin baki da layin cirewa. Na horar da shi dare ɗaya, wajen haɗa fuskar da bidiyon na zaɓi XSeg-dst, wato a bi shacin mai jiki. Abu ɗaya na kiyaye: ban shafa wannan shaci mai rami a kan hotunan horo ba. In aka yi haka alhali masked training, wanda ke tsayar da horo a cikin shacin kawai, yana kunne, modal ɗin zai daina kula da cikin bakin mai jiki, kuma ba a son haka. Wajen haɗawa kaɗai ake bukatarsa.

Ya yi aiki, amma da tangarɗa. Lambar blur da ke narkar da gefen fuska a goshi da kumatu ita ce kuma ke narkar da gefen ramin. Goshi yana son narkewa mai faɗi, ramin baki kuwa ƙarami ne, in ka ba shi irin wannan narkewar sai allin ya dawo ya yi wa haƙoran hazo. In ka rage, layi ya fito a goshi. Saboda haka na bar XSeg ya yi aikinsa na gefen fuska kawai, ramin kuma na koma na yanka shi da hannu a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve. Bidiyon da aka sauya a ƙasa, na asali a sama, shaci a kan na asalin wanda ba ya barin komai ya fito sai cikin baki, da laushin gefe na fiksel 2 zuwa 3.

Inda za a bi da layin shi ne duk sirrin. Leɓen da modal ya zana ba ya zama daidai kan leɓen mai jiki, musamman da yake na Kawu ya fi kauri. In ka yanka a kan leɓe sai a ga leɓe biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ni na bi ta ciki, daidai inda jiƙaƙƙen ɓangaren leɓe ya haɗu da haƙori ko da duhu, domin a nan akwai inuwa ta asali da ke ɓoye ɗinkin. Kusurwar baki ta fi ko'ina wahala, nan ma cikin duhu na ƙare layin.

Na kai musu a waya ina jin na gama. Kawu ya kalla bai ce komai ba. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta karɓa ta kalla sau ɗaya ta miƙo mini. "Wanga ba bakin Malam na ba. Ina wushirya tai?" Sannan ta ƙara da cewa mutumin da ya shekara arba'in yana cin goro ba ya da fararen haƙora irin na ango. Gaskiya ta faɗa. Launi zan iya gyarawa, in rage haske in ƙara ja, amma jerin haƙora da tsagar tsakiya kamanni ne kamar ido da hanci. Aro yana wucewa idan fuskar tana nesa, ko murmushin na ɗan lokaci ne, ko masu kallo ba su san mutumin ba. Mu kuwa rabin masu kallonmu daga Mabera zuwa Runjin Sambo sun san dariyar Kawu a wajen ɗaurin aure.

Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan: mai fuska yana raye, yana gida, ƙafa ce ta karye ba baki ba. Washegari da safe na dawo da kyamarar da muka ɗauki fitowar da ita. Ban yi da waya ba, domin wayoyi da yawa suna shafe fata su ƙara wa haƙori fari ba tare da an tambaye su ba. Muka ɗauko shi da kujera muka ajiye a inuwar bakin ƙofa, yadda haske zai zo masa daga hagu kamar a fitowar ragon. Na kulle hasken kyamara a inda haƙori ba ya ƙonewa ya zama fari fat, don in ya ƙone tsagar ta tafi tun daga ɗauka. Na kuma ƙara saurin ƙiftawar kyamarar zuwa 1/200, saboda baki mai dariya yana motsi da sauri, kuma hoto mai dishi-dishi alli yake koyarwa.

Kafin in zo na riga na tsamo firem goma daga na yaron, waɗanda ke nuna kowane mataki na buɗewar bakinsa da inda kansa yake kallo. Su na bi. "Kawu, a ce iii, a riƙe." Wannan yana fito da haƙoran sama da na ƙasa a haɗe. "A ce aaa." Wannan harshe da duhun ciki. Sai murmushi kaɗan, sai rabi, sai duka, kowanne yana juya kai a hankali daga hagu zuwa dama, sannan ya ɗaga haɓa ya sauke. Matakan tsakiya sun fi muhimmanci fiye da yadda mutum zai zata. In ka ba modal rufaffen baki da cikakkiyar dariya kaɗai, zai yi tsalle daga wannan zuwa wancan, a tsakani alli ya dawo.

Sai dai duk wannan yaƙe ne, ba dariya ba. A yaƙe leɓe ne kawai ke janyewa, a dariya kumatu suna hawa, ido yana ƙanƙancewa, leɓen sama yana ɗagawa har dasashi ya fito. Inna ce ta cece ni. Ta tsaya bayana ta fara ba da labarin ranar da wani rago ya kora shi har cikin masallaci, shi kuma yana cewa, "Ƙarya ta, ba haka anka yi ba," yana dariya har da hawaye. Minti biyun nan sun fi duk sauran amfani.

Daga minti tara na ɗauka na tace hoto 1,300. Na bi su da ido na cire duk wanda alamomin fuska suka zame, abin da ke yawan faruwa in baki ya wage. Manhajar tana kafa ɗigo 68 a fuska, 20 daga ciki a leɓɓa, babu ko ɗaya a haƙori, don haka in na leɓen suka zame babu abin da zai riƙe haƙoran a wuri ɗaya. Tsofaffin hotunan kuma na rage su zuwa 2,500, kada rufaffen baki ya rinjayi sababbin.

Ban fara horo daga farko ba, na ci gaba da modal ɗin da nake da shi, amma na mayar da saitin baya:

```
random_warp: y
eyes_mouth_prio: y
lr_dropout: n
gan_power: 0.0
```

Mayar da random_warp shi ne abin da mutane ke mantawa. Shi ne ke murɗa hotuna kaɗan-kaɗan lokacin horo don modal ya koyi siffa, ya iya danganta buɗaɗɗen bakin wannan da na wancan. In an kashe shi, gogewa kawai ake yi. Cikin kwana ɗaya da rabi farin ya rabu gida biyu, sama da ƙasa, sannan wani siririn duhu ya fara fitowa a tsakiya. Sai da na ga wushiryar ta zauna wuri ɗaya a jeri na biyar, ko ina kan ya juya, na kashe random_warp na kunna lr_dropout, wanda ke taimaka wa ƙananan siffofi su fito tsaf a ƙarshen horo. A ƙarshe na sake ajiye kwafi, na ba GAN 0.1 na yini guda. Wannan karon abin da yake akwai ya kaifafa.

Akwai iyakar da ba hoto ne ke kawo ta ba. Na auna a girman 224: faɗin bakin a cikakken murmushi bai fi fiksel 55 ba, haƙora takwas a ciki, kowanne ya sami kamar 7, wushirya kuma 2. A fitowarmu fuskar ba ta cika allo ba, don haka ya isa. Da kusa aka ɗauka, da sai na nemi modal mai girma fiye da wannan, in kuma haƙura da ƙarin kwanaki. Na gwada super resolution na wajen haɗawa, ya ƙara kaifi a hoto ɗaya-ɗaya, amma da bidiyo ya tafi sai haƙoran suka riƙa ƙyalli suna canzawa. Na mayar da shi sifili.

Duba aiki irin wannan ba a yin sa a hoto tsayayye. Nakan yanko bakin kaɗai in faɗaɗa shi sau huɗu, in bar shi yana maimaituwa a rabin gudu, in kafa ido a tsagar tsakiya. Dalili kuwa, haƙoran sama a ƙashin kai suke. Leɓe yana motsi a kansu, muƙamuƙi yana sauka da na ƙasa, amma su ba sa gusawa daga ƙarƙashin hanci. In ka ga tsagar tana bin leɓe maimakon ta bi karan hanci, mai kallo zai ji wani abu ba daidai ba ko da bai san sunansa ba.

Da wannan dubawar na ga firem 310 sun fito lafiya. Saura 40, inda yaron ya jefa kai baya ya wage baki gaba ɗaya. Kawu a kujera bai taɓa ɗaga kai haka ba, ni ma ban lura in sa shi ba. Haƙoran sama na gaba sun fito da wushiryarsu, amma bayansu, inda ganɗa da harshe da matauna suke, laka ce. A nan na dawo da aron, amma rabi. Na yanka shacin daga ƙarƙashin haƙoran sama zuwa cikin leɓen ƙasa, wato harshe da duhun ciki da haƙoran ƙasa na yaron ne, jerin sama na Kawu. Babu mai gane mutum da harshensa. Gefen sama na shacin na ɗaure shi da motsin karan hanci, gefen ƙasa na bi shi da hannu firem bayan firem tare da haɓa. Haƙoran ƙasan na rage musu haske na ja su zuwa launin goro, ina ɗebo launin daga na saman a cikin firem ɗin, ba daga kaina ba. Sannan na zuba ɗan tsakin hoto iri ɗaya a kan duka, domin na modal ya fi na kyamara santsi, kuma bambancin yana nuna ɗinki. Firem 40 ɗin nan sun ci mini yini biyu.

Akwai firem shida da har yanzu ba na son kallonsu, inda igiyar ragon ta gilma ta gaban haɓa, leɓen ƙasa ya ɗan yi rawa. Na rufe huɗu da yankawa zuwa fuskar yaran, biyu suna nan.

Mun rubuta a ƙarshen wasan cewa a fitowar ragon jikin wani ne, fuskar Kawu ce aka ɗora da izininsa. Ranar da na kai musu na ƙarshen, Inna ta kalla sau biyu, ta ce, "Awo, yanzu kam shi na." Kawu ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya tsayar daidai inda bakin ya wage, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaye ni ko yaron nan yana cin goro, don harshen da yake gani bai yi ja ba.